Keken Ɗinki Ɗaya, Farashi Huɗu: Nasiha Ga Mai Shirin Fitar da Kuɗinsa

Ƙannena, lambar da kuke gani a fuskar waya ƙarƙashin hoton kaya farkon magana ce kawai. Farashin da ya kamata ku kwatanta shi ne jimillar abin da zai fita daga aljihunku har zuwa ranar da kayan zai shigo ɗakinku a Nkembo, ku jona shi, ya yi aikin da kuka saye shi dominsa. Wanda bai kai lissafinsa wannan rana ba bai kwatanta komai ba tukuna.

Bari mu ɗauki abu guda mu bi shi har ƙarshe. A ce maigidanka ya yaye ka bayan shekarun koyon ɗinki, ko kuma ke ƙanwata kina son keken da za ki riƙa aiki da shi a gida, kuma an tsayar da shawara kan ƙaramin keken lantarki, irin mai zigzag da huda gidan maɓalli. (Wanda zai wuni kan shadda da yadin maza, babban keken shago ya fi masa, wannan wata magana ce daban.) Wurare huɗu ne a gabanka: wani shago a nan Nkembo, wani a Mont-Bouët, wani mai talla a WhatsApp ko Facebook da ya ce yana cikin Libreville, da wani kantin intanet na Faransa. Kuɗaɗen da zan sa wa keken da na dako na misali ne, don hanyar lissafin ta fito. Kai za ka cire su ka sa waɗanda ka jiyo da kunnenka. Amma canjin Yuro, da matakan kuɗin duwan, da yadda ake auna kwali, waɗannan haka suke.

Kafin ka tambayi kowa nawa, ka tabbata abu ɗaya kake tambaya. Sunan kamfani bai isa ba, domin kamfani ɗaya yana ƙera kekuna masu yawa da suka yi kama da juna kamar an tsaga kara, alhali cikinsu ya bambanta: wani haƙoransa da ƙashin jikinsa ƙarfe ne, wani roba ta fi yawa. A baya ko a gefen kowane keke akwai ɗan allo da aka rubuta lambar samfurinsa da ƙarfin wutar da yake sha. Ka ɗauki hoton wannan allo, da shi za ka riƙa yawo. Idan ka ga 220-240V, ya dace da wutar da SEEG take ba mu. Idan ka ga 110V ko 120V, kayan Amurka ne, kuma in ka jona shi kai tsaye sai ka ji ƙaurin mota. Dole sai da taransifoma, wadda ita ma kuɗi ce. Kayan da suka biyo ta Dubai ko Ingila sukan zo da filogi mai ƙafa uku masu faɗi, wanda ba ya shiga soket ɗinmu mai rami biyu. Sannan ka rubuta abin da ya kamata ya kasance a cikin kwalin: feda, igiyar wuta, kwarkwaro, allurai, ƙafafun canji. Sabo ne fil, ko wanda aka yi amfani da shi aka gyara? Masu talla da Faransanci sukan rubuta reconditionné ko occasion da ƙananan baƙaƙe can ƙasa, ga wanda ya damu ya karanta.

To, mu fara da gida. Mai shago a Nkembo ya ce jaka 185. Ka taya, ya ce albarka, ka ƙara, kuka yi ta ja har ya sallama a 170. Ya buɗe kwalin a gabanka, ya jona, ka zaro ƙyallen da ka zo da shi a aljihu ka ninka shi huɗu ka bi da shi, ka ga zaren ƙasa bai cukurkuɗe ba, ka ji ƙarar motar ba ta da gargada. Ya rubuta maka rasit da lambar keken, ya ce in ya ba da matsala cikin wata uku ka dawo da shi. Taksi zuwa ƙofar gida jaka ɗaya. Jimilla 171,000, kuma daren nan za ka iya fara aiki.

A Mont-Bouët, inda shaguna suka fi yawa kuma suna gogayya da juna, ka samu keken a 160. Zuwa da dawowa da kaya a hannu, tunda mai taksi in ya ga kwali sai ya ƙara kuɗi, ka sa jaka uku. Ya zama 163,000, ban da rabin yinin da cinkoso ya cinye. Ka kula da wani abu a nan: yaron da ya tare ka a bakin layi ya ce zo in kai ka inda ya fi sauƙi, ba don Allah yake yi ba, la'adarsa tana cikin kuɗin da za a faɗa maka. Kuma in keken ya samu matsala, kowace komawa wata jaka biyu ce ko uku. Tsakanin wuraren nan biyu bambancin jaka takwas ne, kuma mutum yana iya zaɓen kowanne ba a ce ya yi wauta ba.

Mai tallan WhatsApp ya sa 145. Nan ne ido yake fara rufewa. Ka tambaye shi kuɗin kawowa, ya ce ya danganta da unguwa: zuwa Nkembo jaka uku, da a Owendo ko Akanda ko PK12 kake da ya fi haka. Ya ce ka tura ta Airtel Money ko Moov Money, kuma ka haɗa da kuɗin cirewa, mu ce 2,500. Kaya ya iso, ɗan aike yana sauri, ka buɗe bayan ya tafi sai ka tarar babu feda. Ka kira, aka ce ai hoton ma bai nuna feda ba. Ka nemo ta a kasuwa jaka goma sha biyu. Yanzu 145 ta koma 162,500, kusan daidai da na Mont-Bouët, sai dai babu rasit, babu garanti, babu shagon da za ka koma. Ban ce duk masu sayarwa ta waya haka suke ba. Da yawansu 'yan kasuwa ne na gaskiya waɗanda ba su da kuɗin hayar shago, shi ya sa ma suke iya ragewa. Hanyar gane su mai sauƙi ce. Ka ce ya ɗauko maka bidiyon keken yana ɗinki yau, tare da allon lambar. Ka ce a kawo, ka jona ka gwada, sannan ka biya. Na gaskiya yakan yarda, ko ya ce ka biya kuɗin ɗan aike kaɗai tukuna. Wanda ya kafe sai ka tura rabin kuɗi kafin ka ga kaya, yana cewa wasu mutum uku na jira, ka bar musu.

Saura na huɗu, wanda shi ne ya sa na zauna rubuta wannan. Kantin Faransa ya rubuta Yuro 149. Sefarmu ɗaure take da Yuro tun 1999, kowane Yuro ɗaya sefa 655.957, ba ya hawa ba ya sauka. Saboda haka yaro ya danna kalkuleta ya ga 97,700, ya tuna mai shagon Nkembo ya ce 170, sai ya yanke hukunci cewa 'yan kasuwa ba sa tsoron Allah. Mu bi kwalin nan a hankali mu ga nawa zai zama kafin ya iso.

Da farko, kantuna da yawa na Turai ba sa aikowa Gabon kai tsaye. Abin da mutane suke yi shi ne su ba da adireshin wani mai jigilar kaya a Faransa, shi ya tara ya turo. Kai kwalin wurinsa mu ce Yuro shida, wato kusan jaka huɗu. A nan akwai wata asara da ba a gani. Farashin da aka rubuta TTC a gefensa ya haɗa da harajin TVA na Faransa, kashi 20 cikin ɗari. Da kantin ne da kansa ya fitar da kayan zuwa waje, ya kamata ya sayar maka a farashin HT, wato ba harajin. Amma tunda adireshin da ka ba shi na cikin Faransa ne, a wurinsa kai mai saye ne na gida, ka biya harajinsu, kuma za ka zo ka biya namu. Katin bankin da ka biya da shi ma yana da nasa kason kan sayayyar waje. Ka tambayi bankinka nawa ne, a misalinmu mu sa jaka uku. In da dala ne farashin, kamar yadda shafukan Sin suke yi, da sai ka ƙara da cewa canjin yana motsi kullum, kuma wanda bankin zai yi maka ba shi ne wanda ka gani a intanet ba.

Sai dakon jirgi, kuma a nan ne aka fi shammatar mutane. Shafin ya ce keken kilo bakwai ne, mai jigila ya ce kilo jaka shida, ka lissafa 42. Amma jirgin sama wuri yake sayarwa tare da nauyi, domin kwali mai girma yana tare gurbin wasu ko da iska ce a cikinsa. Saboda haka ana auna tsawo da faɗi da tsayin kwalin da santimita, a ninka su, a raba da 6000. Abin da ya fito shi ne nauyin girma. Manyan kamfanonin aika saƙo na gaggawa da 5000 suke rabawa, wanda ya fi tsada. Daga nan a duba nauyin sikeli da nauyin girma, wanda ya fi yawa shi za ka biya. Kwalin kekenmu, da soson da aka cusa don kada ya fashe, a ce 50 ne da 30 da 40. In ka ninka, 60,000. Raba da 6000, kilo goma. Raba da 5000, kilo goma sha biyu. Ke nan kilo bakwai ya zama goma, dakonka jaka 60 ne. Shi ya sa nake cewa ka nemi awon kwalin a shafin kafin ka danna komai; galibi yana can ƙasa inda aka jera bayanan kaya.

Kwali ya sauka a filin jirgin Léon-Mba, saura duwan. Gabon tana cikin CEMAC tare da Kamaru, Cadi, Kongo, Afirka ta Tsakiya da Gini Ikwatoriya, kuma jadawalin kuɗin shigo da kaya na ƙungiyar ya daɗe yana da matakai huɗu: kashi 5 ga kayan masarufi na dole, 10 ga ɗanyen kaya da injunan sana'a, 20 ga kayan tsaka-tsaki, 30 ga kayan amfani da aka gama ƙerawa. Matakin da kayanka zai faɗa ya danganta da lambar da jadawalin ya ba shi, kuma wannan tambaya ce da za ka yi wa mai fitar da kaya daga duwan tun kafin ka saya. Abin da nake so ka riƙe shi ne kan me ake ɗora kason. Ana ɗora shi kan kuɗin kaya haɗe da dako da inshora, wato har kuɗin jirgin da ka biya sai an yi masa haraji. Bayan haka TVA ta Gabon, kashi 18, takan hau kan wannan jimilla haɗe da kuɗin duwan ɗin kansa.

Mu lissafa. Keke 97,700, kaiwa wurin mai jigila 4,000, jirgi 60,000: darajar da za a duba 161,700 ce. In aka sa shi a mataki na sama, kuɗin duwan 48,500 ne. Haɗa su, 210,200. Kashi 18 na wannan 37,800 ne. Tara duka da jaka ukun banki, ka samu 251,000. In kuma ka yi sa'a aka ɗauke shi a matsayin injin sana'a mai kashi 10, kuɗin duwan 16,200, TVA 32,000, jimilla 212,900. Ban sa ƙananan kuɗaɗen da ake liƙawa a takardar duwan ba, ban sa ladan mai fitarwa ba, ban sa taksin ɗauko shi ba, ban kuma sa kuɗin ajiya da yake fara hawa in kwali ya wuce kwanakin da aka yafe ba. Keken da ya bayyana da jaka 97 ya fi na maƙwabcinka tsada da jaka arba'in a mafi sauƙi, tamanin a mafi tsanani. Ga wata gajeruwar hanya da za ka riƙe a ka: a mataki na 30, duk abin da kaya da dako suka kama, ka ƙara masa rabinsa da ɗan ɗoriya, domin 1.30 sau 1.18 yana ba da 1.53.

Wani zai ce, to yaya mai shago yake sayarwa a 170 har ya ci riba? Shi ba a kantin sayar da ɗai-ɗai ya saya ba, sari ya yi, bai biya harajin Faransa ba, kuma kayansa ta ruwa suka zo cikin kwantena zuwa tashar Owendo, inda dakon kowane keke ɗan kaɗan ne in an raba. Kai ma kana iya bin ruwa: masu haɗa kaya a kwantena da mita mai kusurwa huɗu da zurfi suke awo, kuma kwalinmu 0.06 ne kawai na wannan mita. Sai dai yawancinsu suna da mafi ƙarancin kuɗin da suke karɓa komai ƙanƙantar kaya, kuma jira na makonni ne, wani lokaci sai kwantenar ta cika kafin ta tashi. Tela da ya yi odar keke ana saura wata ɗaya azumi ya ƙare, ya iso masa bayan Sallah, ya san abin da jiran ya ci masa. Ka ƙiyasta abin da keken zai kawo maka a rana, ka ninka da kwanakin jira, ka rubuta shi a lissafin kamar kowane kuɗi.

Masu jigila da yawa suna faɗin farashin kilo su ce har da duwan a ciki. In haka ne lissafin ya sauƙaƙa ƙwarai, kuma tazarar tana raguwa, amma ka sa ya rubuta maka a saƙo abubuwa uku: kilon na sikeli ne ko na girma, kayan lantarki suna da wani kuɗi na daban ko babu, kuma a ina za ka karɓa. Na ga wani ofishin jigila da ake ba mutane farashi mai daɗi a waya, ranar karɓa kuma a miƙo musu wata takarda ta biyu, kayansu na bayan kanta suna kallo. A wannan lokaci ba ka da bakin ciniki. Wanda kuma ya ba ka shawarar a rage kuɗin da ke kan rasit don duwan ya yi sauƙi, kada ka bi shi. Ban da cewa ƙarya ce, jami'an suna da ikon su ƙi rasit ɗin su ƙiyasta da kansu su kuma ci tara, sannan in kwalin ya ɓata, a kan ƙaramin kuɗin da ka rubuta za a yi maganar diyya.

Akwai kuɗi na ƙarshe da ba ya fitowa a kowace takarda, wato na ranar da abu ya lalace. Dokar Faransa ta ba mai saye ta intanet kwana 14 ya fasa, ta kuma ɗora wa mai sayarwa garantin shekara biyu. A takarda wannan ya fi wata ukun mai shagon Nkembo nesa ba kusa ba. Amma kwanakin nan suna fara ƙirguwa ne tun ranar da aka kai kayan adireshin da ka bayar, wato suna iya ƙarewa kwalin bai bar Faransa ba. Garantin kuma sai ka mayar da keken can, ka sake biyan jirgi zuwa da dawowa, kuɗin da ya haura na keken kansa. Ni a ganina wata ukun da ƙafarka za ta iya kai ka wurinsa ya fi amfani. Haka nan ka tambayi makanikin keke na unguwa, kafin ka saya, ko ana samun bel da kwarkwaro da gidan kwarkwaro na wannan samfuri a Libreville. In ya girgiza kai, to kowace ƙaramar matsala sai ta koma wata sabuwar oda.

Kada wannan ya sa ku ɗauka sayayya daga waje hasara ce kullum. Lissafin yana juyawa idan kaya ƙarami ne, marar nauyi, mai tsada, ko kuma wanda babu shi a gari. Ƙafafun keke na musamman, allurai na wani irin aiki, wani ɗan ƙarfe da ya karye wanda ba ya kai giram ɗari: irin waɗannan dakonsu ba ya taka kara ya karya, kuma ɗan'uwa mai dawowa daga tafiya yana iya sako su a jaka. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne in duba dakon kashi nawa ne na kuɗin kayan. A kekenmu ya haura kashi sittin, tun daga nan an san ba za a kai labari ba. In bai wuce kashi goma ko sha biyar ba, ya cancanci a zauna a ƙarasa lissafin. Waɗanda suke tambayar farashi a Kano ko Kwatano ta wurin 'yan'uwa su ma su bi wannan hanya, su ƙara da canji: Naira tana motsi tsakanin ranar da aka faɗa maka da ranar da za ka tura, sefar Yamma kuma, ko da darajarta ɗaya da tamu a takarda, kuɗi ne daban, kuma mai canji ko mai turawa sai ya cire nasa.

Yadda za ka yi a aikace ba ya buƙatar komai sai takarda da biro. Ka ja layi huɗu, kowane wuri da nasa, ka jera a gefe: kuɗin kaya bayan ciniki, kawowa, kuɗin biya ko cirewa, duwan da haraji, abin da ya rage sai ka saya, kwanakin jira, da wurin da za ka koma in ya lalace. Duk gurbin da ba ka san amsarsa ba, kada ka sa sifili, ka kira ka tambaya, domin a irin wannan gurbi ne ƙarin yake ɓuya. Ka tattara farashin cikin kwana biyu ko uku, kada na wancan wata ya zauna kusa da na yau. Kuma ka kwatanta farashin sallamawa da na sallamawa. Kuskure ne ka ɗora kuɗin farko da ɗan kasuwa ya yanka, wanda kowa ya san za a rage, kusa da na shafin da ba a ciniki a kansa.

Da takardar nan a hannu sai ka koma wurin mai shagon Nkembo. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, “Alhaji, na samu irinsa a Mont-Bouët a 160, amma na fi son in saya a wurinka saboda kusa, yaya za ka yi mini?” Ka faɗi kuɗin da aka faɗa maka na gaskiya, domin ya fi ka sanin kasuwar, kuma in ka rage ko jaka biyar ne zai gane. Mai yiwuwa ya sauko 165. Mai yiwuwa kuma ya tsaya a 170 ya ƙara maka kwalin allura da man keke, ko ya mayar da garantin wata shida. In ya yi haka, ka ce ya rubuta watannin a kan rasit, kusa da lambar keken da kwanan wata, ya sa hannu.